Tsarin ECS a Wasannin Bidiyo: Yadda Yake Aiki, da Lokacin da Ƙaramin Wasa Ba Ya Buƙatarsa

Wanda ya shiga koyon haɗa wasannin bidiyo a 'yan shekarun nan ba ya daɗewa kafin ya ci karo da haruffa uku, ECS, kuma sau da yawa yakan same su tare da gargaɗin cewa duk wasan da ba a ɗora shi a kansu ba, ginin toka ne. Akwai abubuwan da suka ƙarfafa wannan magana. Kamfanin Unity ya fara nuna nasa tsarin tun 2018, ya kuma fitar da Entities 1.0 a 2023, sannan injin Bevy, wanda Carter Anderson ya fito da shi a 2020 a harshen Rust, an gina shi ne kacokan a kan ECS. Sai dai a 2021 Juan Linietsky, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa injin Godot, ya yi dogon bayani a kan dalilin da ya sa injinsu bai bi wannan hanya ba, kuma ana ci gaba da fitar da wasanni masu kasuwa da shi. Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda suna ɗaya ya ɗauko alkawura biyu mabambanta, wato sauƙin tsara abubuwan cikin wasa da kuma saurin aiki. Kowane alkawari yana da dalilinsa da farashinsa, kuma ƙaramin wasa yana iya samun kowannensu ta hanya mafi arha.

## Ginshiƙai uku na tsarin

Cikakken sunan shi ne Entity Component System, kuma kowace kalma tana nuni ga ginshiƙi ɗaya. Na farko shi ne halitta, wadda ake rubutawa `Entity` a cikin kod. Halitta ita ce duk wani abu da ke cikin duniyar wasa, ko jirgi, ko harsashi, ko ƙofa, amma a wannan tsari ba ta ɗauke da komai sai lambar shaida, misali 417. Na biyu shi ne siffa, wato `Component`, wadda guntun bayani ne kawai da ake liƙa wa halitta: matsayinta a fili, gudunta, ko yawan ran da ya rage mata. Siffa ba ta aikata komai. Na uku shi ne sistem, wato `System`, kuma a nan ne dukkan aiki yake. Sistem ba ya tambayar ko halitta jirgi ce ko harsashi, abin da yake nema shi ne duk halittar da ta mallaki wasu siffofi, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga sistem na motsi kamar yadda ake rubuta shi a Bevy:

```rust
fn motsi(t: Res<Time>, mut q: Query<(&mut Matsayi, &Gudu)>) {
    for (mut m, g) in &mut q {
        m.x += g.x * t.delta_secs();
        m.y += g.y * t.delta_secs();
    }
}
```

Duk halittar da ke da `Matsayi` da `Gudu` za ta motsa, wadda kuma aka cire mata `Gudu` za ta tsaya cak ba tare da an taɓa wannan kod ba. Ya kamata a lura cewa tsohon tsarin Unity na `GameObject` da `MonoBehaviour`, duk da cewa yana amfani da siffofi, ba ECS ba ne a wannan ma'ana, domin kowace siffa a can tana ɗauke da bayaninta da aikinta a haɗe, kuma injin yana kiran `Update` nata ita kaɗai.

## Matsalar da ta haifi tsarin

A shekarun 1990 hanyar da aka saba ita ce ta gado. Mai tsara wasa yakan rubuta aji na asali ga kowane abu, daga gare shi ya fitar da ajin masu motsi, daga masu motsi ya fitar da abokan gaba, kowane aji yana gadon halayen wanda ke samansa. Wannan yana tafiya daidai har ranar da aka buƙaci abin da bai dace da reshe ɗaya ba. A ɗauka akwai ajin ƙofa a reshen abubuwa marasa motsi, da ajin dodo a reshen masu rai, sai mai tsara labari ya ce yana son ƙofar da ke magana kuma ake iya kashe ta. Zaɓi biyu ne suka rage: ko a kwafi kod na rai da magana zuwa reshen ƙofa, ko a tura su sama zuwa ajin asali, inda kowane dutse da kowace bishiya za su gaje su ba gaira ba dalili. Bayan shekara biyu ana haka, ajin asali yakan kumbura har ya zama ba mai iya taɓa shi ba tare da ya ɓata wani abu a wani wuri ba.

Injin da Looking Glass Studios ya yi wasan Thief da shi a 1998 yana cikin na farko da suka kauce wa wannan ta hanyar liƙa wa abubuwa siffofi. A 2002 Scott Bilas ya gabatar da jawabi a GDC, taron masu haɗa wasannin bidiyo, kan yadda aka tsara Dungeon Siege, wasan da ke da nau'ukan abubuwa sama da 7,000, waɗanda masu zane ke harhaɗawa daga siffofi ba sai sun jira mai rubuta kod ba. A 2007 Adam Martin ya yaɗa fasalin da aka fi sani a yau, inda aka raba bayani da aiki gaba ɗaya. Abin lura a wannan tarihi shi ne, matsalar da waɗannan mutane suka fuskanta ta yawan nau'uka ce da yawan ma'aikata. Ko Overwatch, wanda Timothy Ford ya bayyana tsarinsa a GDC na 2017, 'yan wasa 12 ne kawai a kowane karo a lokacin, kuma abin da Ford ya fi jaddadawa shi ne yadda ECS ya rage sarƙewar sassan kod da junansu.

Batun sauri ya shigo ne ta wata ƙofa daban, ta masu ra'ayin a tsara manhaja bisa yadda bayanai ke kwance a ƙwaƙwalwar na'ura. Fitaccen mai wannan ra'ayi shi ne Mike Acton, wanda jawabinsa a CppCon, taron masu rubuta kod da harshen C++, na 2014 ya yi tasiri sosai, kuma daga baya ya koma Unity ya yi aiki a kan sabon tsarinsu.

## Inda saurin yake fitowa

Firosesa tana da sauri ƙwarai, amma babbar ma'adanar RAM tana da nisa da ita. Ɗauko bayani daga RAM yakan ci kimanin nanosakan 100, alhali ɗauko shi daga kash na farko, wato 'yar ƙaramar ma'ajiyar da ke jikin firosesa, kimanin nanosakan 1 ne. Lamarin ya yi kama da na mai shago da ke da kanta a gabansa da sito a bayan layi: abin da ke kan kanta hannu kawai zai miƙa, na sito kuwa sai ya aika yaro, kuma yaron ba ya dawowa da ƙwaya ɗaya sai da katan guda. Katan ɗin a yawancin firosesa bayit 64 ne. Duk lokacin da aka nemi ko da bayit ɗaya, layin bayit 64 ɗin da yake ciki ne ake ɗaukowa dungurungum.

A tsarin gado, kowane abokin gaba dunƙule ɗaya ne mai ɗauke da komai nasa, a ce bayit 256, kuma dunƙulen suna warwatse a RAM. Sistem na motsi yana buƙatar bayit 16 ne kacal daga ciki, 8 na matsayi da 8 na gudu, amma sai an jira layi guda an ɗauko, kashi uku cikin huɗu na layin kuma ba a yi amfani da shi ba. ECS yana jera dukkan matsayi a jeri ɗaya manne da juna, dukkan gudu a wani jerin, ta yadda layi ɗaya zai kawo matsayin halittu takwas a tashi guda. Bugu da ƙari, idan firosesa ta lura ana karanta RAM a jere, takan fara ɗauko layukan gaba tun kafin a nema, don haka jiran ya kusan ɓacewa. Akwai kuma riba ta biyu: tunda kowane sistem ya bayyana siffofin da zai karanta da waɗanda zai canza, injin yana iya gudanar da sistem biyu da ba sa taɓa siffa ɗaya a lokaci guda a kan cibiyoyin firosesa daban-daban.

Ana cimma wannan jerawa ta hanyoyi biyu. Unity da Flecs, wata manhajar ECS mai zaman kanta, suna tara halittu masu siffofi iri ɗaya a tebur guda, kuma Unity yana yanka teburansa gunduwa-gunduwa masu kilobayit 16. Bin irin wannan tebur yana da sauri matuƙa, amma ƙara wa halitta siffa ko cire mata yana nufin kwashe dukkan bayananta zuwa wani tebur. EnTT kuwa, wani tsarin ECS da Michele Caini ya rubuta kuma Mojang ke amfani da shi a Minecraft, yana ba kowace siffa jerinta daban, inda ƙari da cirewa ke da arha amma haɗa siffofi da yawa a bincike ɗaya ya fi tsada. Bevy yana ba da damar zaɓen kowanne daga cikin biyun ga kowace siffa.

## Lissafi da ƙaramin wasa

A ɗauki wasan harbi na waya mai jirgi ɗaya, abokan gaba 40, harsasai 150 a sama, da 'yan kyaututtukan tsinta, jimilla halittu kusan 200. Idan ana son firem 60 a sakan, wato a sabunta hoton allo sau 60, kowane firem yana da milisakan 16.7 da dole a gama komai a cikinsu. A ɗauka an rubuta wasan ta hanya mafi muni, ta yadda taɓa kowace halitta sai an je RAM an jira nanosakan 100. Halittu 200 za su ci nanosakan 20,000, wato milisakan 0.02, wanda kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na lokacin firem. Ko da sistem goma ne ke bin halittun kuma kowanne ya sha wannan jira, jimillar milisakan 0.2 ce. A zahiri ma ba za a kai haka ba, domin halittu 200 masu bayit 256 kilobayit 50 ne, kuma wannan yana shigewa kash na biyu har a wayoyi masu arha ya zauna can.

Idan aka mayar da adadin 100,000, kamar a wasan gina birni ko na yaƙin runduna, hoton yakan sauya baki ɗaya. Zagaye ɗaya tak a wannan mummunan hali zai ci milisakan 10, fiye da rabin firem, tun ba a zana komai a allo ba. A jeri manne kuwa, matsayi da gudu na halittun duka megabayit 1.6 ne da ake karantawa a jere, aikin da ke ƙarewa cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Wannan shi ne wurin da alkawarin sauri yake gaskiya, kuma shi ya sa injin Unreal ya tanadi nasa tsarin, Mass, musamman don cunkoson jama'a da motoci, ya bar jaruman wasa a tsohon tsarinsa.

Idan ƙaramin wasa yana sarƙewa, galibi laifin yana wani wuri. Na kan gaba shi ne gwajin karo: idan ana gwada kowace halitta da kowace, halittu 200 suna ba da gwaji 19,900, amma halittu 2,000 suna ba da kusan miliyan biyu. ECS ba ya rage wannan adadi ko da ɗaya, abin da ke rage shi shi ne raba fili gida-gida ta yadda halitta za ta gwada kanta da maƙwabtanta kaɗai. Sauran masu laifin su ne yawan umarnin zane da ake aika wa katin hoto, da ƙirƙirar harsasai sababbi ana zubarwa a kowane firem a harsuna irin C#, wanda ke sa mai share ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke kwashe bayanan da aka daina amfani da su, ya riƙa tsayar da wasan. Ana gane wannan na ƙarshe ta yadda wasa ke tafiya sumul sai ya yi tsit na ɗan ƙiftawa a kai a kai, kuma maganinsa shi ne a tanadi harsasai tun farko a riƙa sake amfani da su. Unity da Godot duka suna da Profiler da ke nuna milisakan nawa kowane sashe ya ci. Idan sabunta halittu bai kai milisakan ɗaya ko biyu ba, sauya wasan zuwa ECS ba zai kawo bambancin da ɗan wasa zai gani ba.

## Farashin da ake biya

A koma ga wasan harbin, a ƙara masa makamin da ke daskarar da abokin gaba na sakan uku. A tsarin ECS za a ƙirƙiri siffar `Daskarewa`, sistem na karo ya liƙa ta, sistem na motsi ya tsallake masu ita, wani sistem ya ƙirga lokaci ya cire ta, na zane kuma ya canza launi. Tsari ne mai tsabta, amma hali ɗaya ya rabu wuri huɗu, kuma ranar da wani abokin gaba ya daskare ya ƙi narkewa, sai an bi wuraren huɗu kafin a gano inda aka yi kuskure.

Akwai kuma matsalar lokaci. Ba a iya kwashe halitta daga teburin da ake tsakiyar bi, don haka umarnin ƙara siffa ko kashe halitta ana ajiye shi ne a jerin jira, kamar `Commands` a Bevy ko `EntityCommandBuffer` a Unity, sai daga baya a zartar. Daga nan ne wasu kurakurai na musamman ke fitowa. Harsasai biyu sukan sami abokin gaba ɗaya a firem guda, kowanne ya gan shi da rai, a ba ɗan wasa maki sau biyu. Ko kuma sistem na motsi ya riga na daskarewa gudana, abokin gaba ya ƙara taku ɗaya bayan an harbe shi. Alamar irin waɗannan kurakurai ita ce jinkirin firem ɗaya, ko abin da ke faruwa wani lokaci ya ƙi faruwa wani lokaci, kuma gyaransu yana buƙatar a fayyace wane sistem ke gaba da wane.

Alaƙa tsakanin halittu ma tana da nata wahala. Makami mai bin sawu yana riƙe da lambar wanda yake bi, amma idan wancan ya mutu aka ba wata sabuwar halitta lambarsa, makamin zai koma bin wadda ba ruwanta. Shi ya sa Bevy da EnTT suke haɗa kowace lamba da lambar zubi da ke ƙaruwa duk lokacin da aka sake amfani da gurbin, kuma dole mai kod ya riƙa duba ko halittar tana nan kafin ya taɓa ta. A tsarin tebur kuma, yawan ƙananan siffofi na iya cinye saurin da aka zo nema: siffofi goma da kowace halitta ke iya samu ko rasawa suna iya haifar da haɗuwa har 1,024, kuma idan kowane tebur halittu biyu ko uku ne a cikinsa, an koma warwatsewar da aka gudo.

## Matsayin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan ECS suna da hujja mai ƙarfi idan suka ce ba a sanin girman da wasa zai kai tun daga farko, kuma sauya tsari a tsakiyar aiki ya fi fara shi da tsada. Suna kuma nuna cewa idan dukkan bayanan wasa suna zaune a jeri, adana wasa da aika halinsa ta intanet sun fi sauƙi. Ga wanda ya zaɓi Bevy ma tambayar ba ta taso ba, domin injin bai san wata hanya ba, kuma dokokin Rust kan mallakar bayanai suna wahalar da tsarin abubuwa masu nuni ga juna, abin da ya sa ECS ya zama hanya mafi laushi a wannan harshe ko ga ƙaramin wasa.

Ɗaya ɓangaren, wanda Godot ke wakilta, yana cewa yawancin wasanni ba su da dubban abubuwa iri ɗaya, abin da suke da shi 'yan abubuwa ne masu halaye na musamman, kuma aiki mai nauyi irin na zane da lissafin karo injin ya riga ya tsara shi a ciki ta hanya mai sauri. Celeste misali ne da ake yawan kawowa: a 2018 masu wasan sun saki kod na jarumarsa, fayil ɗaya mai layi sama da 5,000, kuma motsin wannan jaruma yana cikin abin da aka fi yaba wa wasan. Halitta guda mai halaye masu sarƙaƙiya ba ta amfana da jeri, domin babu 'yan'uwanta da za a jera ta da su.

## Abin da ƙaramin wasa zai iya yi a maimako

Ga halittu 'yan ɗaruruwa, fasali ɗaya mai ɗauke da duk filayen da ake buƙata, a cikin jeri ɗaya mai ƙayyadadden girma, yana wadatarwa:

```c
struct Halitta {
    int nauyi, rai, alamomi;
    float x, y, gx, gy, daskarewa;
};
struct Halitta duka[512];
```

Kowace halitta a nan bayit 32 ce, jerin duka kilobayit 16, kuma yana manne a wuri ɗaya, wato an sami ribar kash ba tare da an ɗauko wani inji ba. Daskarewa ta zama fili ɗaya: idan ya haura sifili a rage shi a tsallake motsi. Ƙofa mai magana kuma sai a kunna mata alamar magana da ta rai a `alamomi`, wanda ke magance matsalar gado. Asarar ita ce dutse zai ɗauki filin gudu da ba ya amfani da shi, 'yan bayit da ba su taka kara sun karya ba a wannan adadi. Wanda ke aiki da Godot ko Unity ma bai buƙatar wannan, domin harhaɗa `Node` ko `MonoBehaviour` ya riga ya ba shi sauƙin tsarawa.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma iyakar tana da alamu. Idan fasalin ya kai filaye sittin ko tamanin waɗanda kowane nau'i ke amfani da kaɗan daga ciki, ko mutane da yawa suna karo da juna a fayil ɗaya, ko Profiler ya nuna sabunta halittu na cin kaso mai tsoka na firem, to lokacin duba ECS ya yi. Ko a nan ba dole ba ne a rushe wasan duka. Idan harsasai ne suka kai dubu goma, ana iya ware su kaɗai a jerin matsayi da jerin gudu, a sabunta su da zagaye ɗaya, a zana su da umarni ɗaya ta `MultiMesh` a Godot, a bar jarumi da menu da manyan dodanni yadda suke.

Ga ɗan wasa, tasirin yana bayyana ne kawai a wasanni masu cunkoso, inda jera bayanai da kyau ke rage aikin firosesa, wayar ta rage zafi, batir ya ƙara jimawa. A wasan da halittunsa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, zafin waya ya fi alaƙa da girman hotuna, da yawan zane mai shara-shara da ake ɗorawa kan juna, da rashin ƙayyade firem. Ga mai koyo da ke aiki shi kaɗai kuwa, farashin lokaci ne, domin a Unity bin hanyar Entities yana zuwa da koyon Burst mai hanzarta kod, da tsarin Jobs mai raba aiki ga cibiyoyin firosesa, da yadda ake juya abubuwan edita zuwa halittu, kuma yawancin kayan da ake saye a Asset Store, kasuwar kayan Unity, an yi su ne don `GameObject`, ba sa aiki da sabon tsarin kai tsaye.